Azumin Wata Uku na Hamid

A ƙauyensu na bakin Kogin Nilu, tafiyar rabin sa'a daga Abu Hujar, ba wanda bai san Hamid yana azumin wata uku ba, domin Hamid bai bar kowa cikin rashin sani ba. Da Rajab ya kama zai ɗauka, ya haɗa da Sha'aban, ya zarce Ramadan. Ko sallama ka yi masa sai ya lashi leɓe ya ce ka yi haƙuri da muryarsa, yau kwanansa arba'in da ɗaya.

Yayarsa Fadimatu, ungozomar da ta shekara talatin a ɗakin shan maganin garin, ita ta goya shi, don haka ta san tuwon tun yana gari. Yana yaro, in an tafi cirar albasa, shi ne mai ciwon ciki. Da ya girma ya gaji gonar bakin ruwa, ya ba ɗan'uwansu ya noma suna raba amfani, shi kuwa ya ɗauki aikin kwanciya a gindin darbejiya da jiƙaƙƙen rawani a fuska. Daga nan yake auna imanin masu wucewa. Wanda ya sha ruwa don ciwo rago ne. Mai cikin da ta ajiye azumi, matan zamani ne.

"Azumin kwance ai ko kada yana yinsa," in ji Fadimatu. Ba ta taɓa rage murya ba in za ta faɗa.

Matarsa Ruqayya ita ce ke tsugune gaban wuta tun azahar, tana zuba kisra, fanken dawan nan mai faɗi, tana tuƙa tuwon asida, tana tace abre, abin shan buɗa-baki, don tiren Hamid ya fi na kowa cika idan maza suka shimfiɗa tabarmi a bakin titi. Tana da hawan jini, kuma ƙwayar da take sha da sahur irin mai sa yawan fitsari ce.

Shekarar da Ramadan ya faɗo tsakiyar zafi, ranar goma ga wata, ana idar da magariba sai ga Hamid a ƙofar Fadimatu, takalmi ƙafa ɗaya, hannu dafe da ƙirji.

"Yaya, zuciyata! Tana duka kamar za ta fito. Ki kira liman."

Ta zaunar da shi, ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, tana kallon agogo har minti ya cika. Casa'in da shida, kuma bugun a jere yake, ba tsalle ba tuntuɓe.

"Mi ka ci?"

Ya lissafo. Asida kwano guda, dafaffen waken balila, soyayyen kifi, sannan jabana, gahawar nan mai citta, finjali uku.

"To mi kake so ta yi, ta yi barci?" Fadimatu ta saki hannun. "Yini guda ba ruwa, jini ya ragu a jijiya, dole zuciya ta ƙara sauri don abin da ya rage ya zaga jiki. Kowane mai azumi da la'asar haka yake. Kai kuma ka ɗora mata buhun abinci lokaci guda, ka bi da gahawa. Sha ruwa kaɗan-kaɗan, ka zauna. Kafin isha'i za ta sauka."

Ta kuwa sauka. Washegari Hamid ya ba majalisar darbejiya labarin yadda ya leƙa kabari ya dawo bai karya ko kwana ɗaya ba.

Ranar sha bakwai, bayan la'asar, Fadimatu ta shiga gidan aron rariya. Ta tarar da Ruqayya kwance a ƙasa kusa da murhu, kisra na ƙonewa. Hamid na tsaye a kanta yana faɗa.

"Ke, tashi mana! Saura sa'a biyu a sha ruwa. Ni da nake wata na uku ban kwanta a toka ba."

Fadimatu ta ture shi da kafaɗa ta durƙusa. Ta kama hannun, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Ɗari da talatin da wani abu, alhali matar a kwance take. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne bugun ba a jere yake ba: ya yi gudu, ya tsaya, ya yi biyu a haɗe. Harshen Ruqayya ya bushe kamar fata.

"Yaushe rabonki da fitsari?"

"Tun hantsi, Yaya. Kaɗan, ja wur." Muryar da ƙyar take fita. "In na miƙe duhu nake gani. Ƙirjina kamar an ɗora dutse. Kwana uku ke nan, ƙafafuna ma suna ɗaurewa."

"Kin gaya masa?"

"Ya ce irin nasa ne na rannan. Wai ke kika ce ba komai."

Fadimatu ta ɗago ta dubi ƙanenta, irin duban da ake yi wa abin da aka taka a hanya.

"Naka na ƙoshi ne. Ya sauka da ka zauna ko bai sauka ba? Wannan tana kwance bai sauka ba, yana tsalle, ga nauyin ƙirji, ga jiri. Wannan shi ake gudu da shi asibiti. Miƙo min tulu."

"Yaya, azumi fa take."

"Wanda ya wajabta azumin Shi ya ɗauke wa mara lafiya. Ko ka fi Shi sani?"

Bai miƙo ba, ita ta ɗauko. Tunda Ruqayya na cikin hankalinta kuma tana iya haɗiya, ta dama ruwa da sukari da ɗan gishiri, ta tallafo kanta tana ba ta kurɓi-kurɓi. Ta leƙa katanga ta ƙwala wa maƙwabcinsu Bilyamin mai raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, kira. Suna ɗora ta, Hamid ya tambaya wa zai kai tire bakin titi.

A asibiti aka ɗaura mata ruwa, aka ɗebi jini, aka auna bugun zuciyar da na'ura. Likita ya ce ƙwayar da zafin murhu sun haɗu sun kwashe mata ruwan jiki da wani gishirin jini da ake kira potasiyam, wanda in ya yi ƙasa zuciya kan ɓata taku. Ya canza mata magani, ya ce bana azumi ya ƙare mata sai ta warware, kuma baɗi ta zo a duba ta tun kafin wata ya kama. Kwana biyu ta yi a kan gado.

Fadimatu ba ta mayar da ita gidan ba. Ɗakinta ta kai ta, ta ce sai bayan salla. Hamid ya zo ya yi tsaye a ƙofa yana cewa mutane za su yi magana.

"Su yi. Kai ma ai ita ce sana'arka."

Sauran kwanakin Hamid ya yi su da dabino da abin da maƙwabta suka zubo masa. Gahawa kuwa finjali ɗaya, ya kuma koyi ɗora yatsu a wuyan hannunsa kowane bayan la'asar, yana ƙirgawa da ƙarfi don a ji. A majalisa ya ce shi ya fara lura jijiyar matarsa tana tsalle, shi ya ce a ba ta ruwa, domin addini sauƙi ne. Bilyamin yana wurin, shi ya kai wa Fadimatu labarin.

Tana tsefe wa Ruqayya kai lokacin. Ta yi tsaki, ta ce a miƙo mata man kitso.