Baba Mai Gam da Tagar Banɗaki

A layinmu ba wanda ya san shi da wani suna sai Baba Mai Gam. Ya yi rayuwarsa yana ɗinkin littattafai a wani ɗan shago da ke tsakanin mai hoto da mai gyaran agogo. A kawo masa littafin da ya rabu da bangonsa, ya jera takardun, ya ɗinke, ya dama sitaci a gwangwani ya shafa, ya danne da ƙarfe. Daga wannan sana'a ya fitar da ra'ayinsa game da duniya baki ɗaya, wato duk abin da ya tsage takarda da gam ne maganinsa. Ya manne kujerarsa da rediyonsa. An ce ya taɓa sasanta wasu ma'aurata, sai dai ba a tabbatar ko da sitaci ya yi ba.

Da idonsa ya rage ƙarfi ya rufe shagon, ya dawo gida da gwangwanin da ragowar kwalaye. A shekarar ne matarsa ta kwanta ciwo. Sanyi take ji ko da rana tsaka, ta ce iskar da ke shigowa ta tagar banɗaki tana ratsa mata ƙashi. Ya rufe tagar, ya bi gefunanta da takarda rubi uku, aiki mai kyau, ko ƙurji babu. Matar ta rasu, tagar ta ci gaba da zama a rufe. Zanen wankanta ma yana nan a ƙusar da ta rataye shi.

Daga baya tayil ya tsage a ƙasan kwanon wanke hannu, ya manne. Bututun da ke shiga bango ya fara ɗiga, ya naɗe shi da tsumma ya shafe da gam. Ɗigon bai daina ba, ya dai rage murya. Kwalayen da ya rasa wurin ajiyewa ya jera su a bayan ƙofar banɗakin. Ɗakin ya zama kullum da ɗumi da laima, madubi a dushe, bango yana gumi kamar mai zazzaɓi. Baba Mai Gam ya so shi haka. Da hantsi yakan kifa bokiti ya zauna, ya lumshe ido yana jin ɗigon, ya ga kamar tana ciki tana wanka, shi kuma yana jiran ta fito ta ce ya sake barin sabulu a ruwa.

Asu ne suka fara zuwa, irin masu launin azurfa da siffar ƙaramin kifi, marasa fiffike, da gashi uku a wutsiya. In ya ɗaga kwali sai su watse kamar an zubar da ɗigon dalma. Ya san su tun a shago, tsofaffin abokan gaba ne, su ke cin gam ɗin bayan littafi su bar shi tsirara. Amma a nan ba littafin kowa, sai ya ƙyale su. Wani lokaci yakan tarar da ɗaya a cikin kwanon wanke hannu yana ta zagaye, ya faɗa ciki santsi ya hana shi hawa. Sai ya miƙa masa 'yar takarda ya hau, ya sauke shi ƙasa. A gyangyaɗinsa na rana yakan ga banɗakin ya cika da ruwa har rufi, kifayen azurfa suna iyo tsakanin shafuffuka, zanen matarsa yana kaɗawa a hankali kamar ciyawar kogi.

Da damina ta sauka tsatso suka biyo, masu 'yar hantsaki a gindi. Daga tarin ganye da tukwanen fure da ke jingine da bangon waje suke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, su kwana a cikin tawul mai lema. Na ƙarshen zuwa shi ne shanshani, da ƙafafunsa da ba mai haƙurin ƙirgawa. Shi bai damu da takarda ko sitaci ba. Mafarauci ne, ya ji labarin an buɗe wurin cin abinci.

Baba Mai Gam yana da 'ya ɗaya, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Tana aure a can wani gefen gari, takan leƙo shi ƙarshen mako. Wata safiya ta shiga wanke hannu, ta ɗaga tawul, shanshani ya sakar mata cizo a yatsa. Ta yi ƙarar da ta sa maƙwabta suka ɗauka gobara ce.

"Baba, wannan banɗaki ne ko gidan ajiye namun daji?" ta ce, tana riƙe da yatsan da ya kumbura.

"Uwata, ai ke kika fara taɓa shi."

"Na fara taɓa shi! To bari in je in ba shi haƙuri. Ka ji ni da kyau, Baba. In na dawo ƙarshen wata na ga ko ƙafa ɗaya ta wannan abin, kayanka zan haɗa, ka koma gidana. Na gyara maka ɗaki tun bara."

Da za ta tafi ta bar masa babban akwati, fanko, a tsakiyar falo, don kada ya ce bai fahimta ba.

Ya san ɗakin da ta gyara. Fari ne tas, yana ƙamshin sabon fenti, ba abin da ya taɓa tsagewa a ciki. Ya sayo maganin feshi ya feshe banɗakin har ya yi ta tari. Washegari ya share gawawwaki ya yi musu ta'aziyya a zuci. Bayan 'yan kwanaki danginsu suka fito daga bayan tayil, inda feshin bai kai ba, suka ci gado. Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya dama sabon sitaci, ya toshe duk wata kafa da ya gani da takarda. Asu ba su taɓa ganin karamci irin wannan ba.

Da ya ga wata ya yi nisa, ya aika a kira masa mai gyaran famfo, tsohon abokin hirarsa, wanda gwiwoyinsa suka gaji da durƙuso amma bakinsa bai gaji ba. Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iskar, ya dubi bango.

"Mai Gam, littafi ka ɗinka ko banɗaki? Saura ka rubuta suna a bango ka kai kasuwa."

"Kai dai duba min ta inda suke shigowa. Ta rariya ne, ko?"

"Wace rariya? Ba daga nan suke ba, a bangonka suke haihuwa. Ka ba su ruwa, ka ba su abinci, ka rufe musu taga kada iska ta dame su. Ni ma in matata ta kore ni nan zan dawo."

Ya durƙusa ya warware tsumman bututun, ruwa ya tsiyaye masa a hannu. Sannan ya ce a kawo leda. Ya sa Baba Mai Gam ya manna ta a bango da salatif, ya rufe gefunanta ruf. "Ga aikin manne na halal," ya ce. "Gobe ka duba. In lema ta taru a cikinta, bangon ne ke tsattsafo da ruwa. In a waje ta taru, iskar ɗakin ce ta jiƙe."

Da safe ledar ta jiƙe ciki da waje. Mai gyaran famfo ya fasa tayil biyu, ya sauya haɗin bututun da ya ruɓe, ya ce kada a rufe ramin sai bango ya bushe, in ba haka ba an binne ruwan ne da rai. Ɗigon ya tsaya. Shirun ya faɗo wa Baba Mai Gam kamar an ɗauke wuta.

"Saura taga," in ji abokin nasa.

"Tagar a bar ta."

Mai gyaran famfo ya dube shi, ya dubi zanen da ke ƙusa, ya tattara kayan aikinsa. "Ba ni na rufe ta ba," ya ce, ya fita.

Baba Mai Gam ya kifa bokitinsa ya zauna. Ba ɗigo, ba wadda ke wanka. Ya tuna da wani littafi da aka taɓa kawo masa bayan ambaliya, ya kumbura kamar burodi. Mai shi ya ɗaure shi tamau a leda don ya kare shi, sai fumfuna ta cinye rabinsa. Shi da kansa ya yi wa mutumin faɗa a lokacin, ya ce jiƙaƙƙen littafi ba a rufe shi, tsayar da shi ake yi a inuwa, a buɗe shafuffukan, a bar iska ta karanta. Ya daɗe yana kallon tagar. Daga falo akwatin yana jira da bakinsa a buɗe.

Ya ɗauko wuƙar da yake yanka takarda da ita. Aikin nasa ne, kuma ya yi kyau ƙwarai, don haka ya sha wahala kafin ya ɓamɓare shi. A ƙarƙashin rubi na uku takardar ta zama kamar leshi, asu sun huda ta ko'ina. Ya tura tagar ta yi ƙara, ta buɗe. Iska ta shigo ta ɗaga gefen zanen, ta sake shi.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ya kankare duk takardar da ya manna, ya fitar da kwalayen. Ya kwashe ganyen da ke bayan bango, ya janye tukwanen fure nesa. Bayan kowane wanka yakan kore ruwan ƙasa zuwa rariya da tsintsiyar roba, ya shanya tawul a igiya, ya bar ƙofa da taga a buɗe, fanka tana hurawa daga falo. Da bangon ya yi fari ya daina sanyi a tafin hannu, mai gyaran famfo ya dawo ya mayar da tayil, ya cike tsagogin da siminti, ya sa raga a tagar da roba a ƙasan ƙofa. Tsatso suka daina shigowa. Asu suka ragu a hankali, don su masu jure yunwa ne, bushewa ce ba sa iyawa. Shanshani kuwa, da abinci ya ƙare kuma jikinsa ya fara bushewa, ya tafi ba sallama.

Zanen ne ya bari a ƙarshe. Da ya sauke shi ya ga ba ƙamshinta a jiki, warin laima ne kawai, kuma tun da daɗewa haka yake. Ya wanke shi ya shanya a rana, ya ninke ya sa a ƙarƙashin matashinsa.

Uwata ta zo ƙarshen wata da tocila a jaka, ko da yake rana ce tsaka. Ta ɗaga bokiti, ta haska bayan kwano, ta girgiza tawul da yatsu biyu. Ta shafa bango ta dubi hannunta. Sai ta ɗaga kai ta ga tagar.

"Ka buɗe ta, Baba."

"Iska ce ta matsa min."

Ta koma falo ta rufe akwatin, ta ɗaga shi, sai hannun akwatin ya ɓalle ya bar ta riƙe da shi. Baba Mai Gam ya dubi hannun akwatin, ya dubi gwangwaninsa da ke kan kantar falo.

"Kada ka soma," ta ce.

"Ai wannan ba ya shiga ruwa, Uwata. Ajiye shi, ki dawo mako mai zuwa ki ɗauka."

Ta ajiye. Shi kuma ya tafi ɗora ruwan sitaci, ƙarar yara masu wasa a bayan gida tana shigowa ta tagar banɗaki.