Jan biro da mahaifin da ke karanta ajami

A shekarata ta biyu da fara koyar da Hausa a wata ƙaramar sakandare a Sabon Birni, akwai wani yaro ɗan ƙauyen Tsamaye a ajina da nake son insha'insa. Ni kuwa mutum ne mai surutu ko a kan takarda. Abokan aikina kan ja alamar daidai su rubuta "Madalla" su wuce, ni sai na cika gindin shafi: ga abin da ka yi da kyau, ga abu ɗaya da za ka gyara, ga yadda za ka gyara shi. Har suna tsokanata wai jan biro ke cinye albashina.

Wata rana na karɓi littafin yaron, sai na ga an yage shafin da na yi wa sharhi. Mako na gaba ma haka. Ban ji haushi ba, mamaki ne ya kama ni, don a sabon aikinsa ga gyaran da na nema ya yi shi daidai. To, me zai sa mutum ya bi shawara kuma ya yage ta?

Na tsayar da shi bayan an tashi. Da ƙyar ya faɗa mini, kansa a ƙasa, cewa babansa kan duba littafin duk Juma'a. Bai iya boko ba, amma ya san ja alamar kuskure ce. Ya gwada da littafin ɗan maƙwabcinsu, ya ga na wancan ja ɗaya ne tal, na ɗansa kuwa kamar an yanka kaza a kai. Da ya lura ana yage shafi sai abin ya ƙara tabbata. Uban ya ce da an gama zangon karatu yaron zai bar makaranta ya bi baffansa sana'ar acaba.

Ranar Asabar na hau babur na nufi Tsamaye. Na tarar da dattijon yana gyaran rumbu. Bayan mun gaisa na buɗe masa sabon aikin ɗansa, insha'i kan korar tsuntsaye a gonar gero. Ya nuna gindin shafin da yatsa.

"Malam, wanga ja duka laihinai na?"

Na ce bari in karanta masa. Abin da na rubuta shi ne: "Inda ka ce tsuntsayen sun gane gwangwani ba ya cizo, na yi dariya, kuma na ga gonar da idona. Ka ci gaba da kawo irin abin da ka gani da kanka. Gyara ɗaya: jimlolinka ba su hutawa. Karanta sakin layi na biyu da ƙarfi, duk inda magana ta cika ka tsaya, ka sa aya. Ka sake rubuta shi ka kawo mini."

Sai ya tambaye ni ko wannan ayar kamar waƙafi ce a karatun Alƙur'ani. Na ce kusan haka. Amma na ga bai sake ba. Ya ce, cikin ladabi, ai ni na rubuta kuma ni na karanta, shi bai san ko na sa masa zuma ba ne don zuwan da na yi. Gaskiya maganar ta sosa ni, amma ban ga laifinsa ba.

Tambayarsa ta waƙafi ta nuna mini ya yi karatun allo. Ni ma na yi shi tun ina ƙarami, hannuna bai manta ba. Daga makon nan, a ƙarƙashin sharhin boko, sai in maimaita shi da ajami. Ya ci mini lokaci ainun, kuma ban san ko ana karantawa ba. Na dai ga an daina yage shafi, kuma ayoyi sun fara zama inda ya kamata. Yaron ya ce bayan La'asar babansa kan sa shi karanta insha'in da ƙarfi, in ya zarce wurin tsayawa sai uban ya buga sanda a ƙasa.

Zango ya ƙare, aka yi hutu, ina ta zullumi. Ranar komawa na tarar da yaron a bencinsa. Farin ciki ya cika ni, amma na daure na karɓi littafinsa kamar na kowa. Makon jarrabawa aiki ya yi mini yawa, layi biyu kawai na rubuta masa. Da littafin ya dawo hannuna, a ƙarƙashinsu na ga ajami da tawadar allo, rubutun hannun da ya saba da fartanya:

"Malam, na wanga mako ya yi kaɗan. Mi za shi gyara?"