Shekarar da Muka Cinye Ajiya

Mu arba'in ne a ƙungiyar taimakon juna ta malaman firamare na ƙasar Birnin Gwari, ni ne ma'aji, don an ce ina koyar da lissafi. Kowa na zuba sule biyar a wata, ranar albashi, wato jimilla naira ashirin ke nan. Kashi biyu cikin uku na hidimar suna da jinya, kashi ɗaya kuwa ajiya ne a asusun gidan waya, ba a taɓa shi sai an yi rasuwa, a ba iyalan mamaci naira sittin. Shekara uku Allah bai ɗauki kowa ba, ajiya ta kai ɗari biyu da arba'in.

Abin da ke tsare kuɗin nan ba tsarin mulkinmu ba ne, kalanda ce. In Musulmi suka ce a taɓa don Sallah, sai Kiristoci su tuna da doka. In Kirsimeti ta matso, sai mu kuma mu tuna musu. To, a shekarar nan Babbar Sallah da Kirsimeti suka faɗo mako guda, aka rasa mai tuna wa wani.

Wani malami da ke koyarwa can wajen Gwaska, mutum mai barkwanci, shi ya kawo shawarar a sayi bijimai biyu a yi watanda. Na tashi na yi bayani a allo cewa kuɗin wata-wata ba za su ɗauki ko da rasuwa ɗaya ba.

Ya ce, "Malam ma'aji, dube mu da kyau. Wa ka ga yana da niyyar mutuwa?"

Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, mu uku kawai muka ƙi. Nama kam ya yi daɗi.

Da zafi ya shigo, sanƙarau ya bi ƙauyukan daji, ya ɗauke malamin nan mai barkwanci. Na tattara abin da ya rage bayan sunaye, naira goma sha tara. Na nemi a yi karo-karo, aka ce albashi ya makara, kuma gaskiya ne.

Na tura keke cikin daji har gidansa. Matarsa ta san da sittin ɗin, da su take shirin kwashe 'ya'yanta huɗu zuwa garin iyayenta, ta biya wa babbar kuɗin makarantar kwana. Na miƙa mata goma sha taran, ta karɓa, ta juya su a hannu.

"Malam, sauran sai yaushe?"

Na gaya mata inda sauran suka tafi. Ta ce, "Ashe su ne naman nan. Ni na soya shi."

Kuɗin sun isa mota da kaya. Yarinyar ba ta koma makaranta ba.

A taro na gaba aka zartar, ba hamayya, cewa ba za a sake taɓa ajiya ba. Lokacin babu ko kwabo a cikinta.