Kafson Kawu

Kawuna ne ya ɗauki nauyin karatuna har na zama likita, kuma bai taɓa bari kowa ya manta ba. A rumfarsa ta atamfa a Babbar Kasuwa, ko yadi ɗaya ka je saye sai ka ji labarina. Ban ɓoye ba, ina son wannan alfaharin nasa fiye da takardar shaidar kanta.

Watana biyu da fara aiki a wani ƙaramin asibiti a Rigasa, sai ga shi da babbar riga, hanci na zuba, yana atishawa. Na duba maƙogwaro, na saurari ƙirji, na auna zafin jiki. Mura ce kawai.

"Rubuta min kafso, ja da ɗorawan nan," in ji shi.

Na gyara zama, na ce, "Kawu, ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana da bango a jikinta, tana ci tana hayayyafa. Irin kafson nan bangon yake fasawa, ko ya tsayar mata da aiki. Mura kuwa bairos ke kawo ta. Shi ba shi da bangon ma. Cikin ƙwayoyin halittar hancinka yake shigewa, ya sa su su riƙa buga masa irinsa. Kafso ba zai sami abin kamawa ba, sai dai ya kashe bakteriya masu amfani a hanjinka, waɗanda suka tsira kuma su daina jin magani. Ka sha farasitamol da ruwan ɗumi, ka huta. Jikinka zai gama da ita cikin mako guda."

Ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba ba.

"Shekara shida," ya ce, "ruwan ɗumi suka koya miki?"

Daga nan kemis ya wuce. Ya sha kafsonsa, ya warke cikin mako guda, ya kuma tabbatar labarin ya iso gidanmu. A rumfa aka daina zancena. Abin ya ci min rai matuƙa. Sau biyu na yi niyyar in ya dawo in rubuta masa kawai a zauna lafiya.

Da damina aka kawo shi a Keke Napep, zazzaɓi ya yi zafi, numfashi sama-sama, gefen ƙirji na suka. Hoto ya nuna ciwon huhu, gwajin majina ya nuna bakteriya. Wannan karon na rubuta masa kafson da ya dace da ita, na tsaya a kansa har ya shanye na kwanakin da aka ɗiba.

Ranar da ya fara zama da kansa, mahaifiyata ta zo dubiya. Ya nuna ni da haɓa.

"Alhamdulillahi," ya ce mata, "yarinyar ta fara koyon aikin."

Na buɗe baki zan sake bayani. Na dubi yadda ya rame, yana numfashi lafiya lau, sai na ce, "Na gode, Kawu."