Farashin Ƙarshe na Alhaji Kashim Mai Wake

Idan ka shiga kasuwar hatsi ta Potiskum ka tambayi rumfar Alhaji Kashim Mai Wake, ko ɗan dako da ya zo jiya zai nuna maka. Mutum ne gajere mai tumbi da dogon carbi, yana zama a kan kujerar roba a bakin sitonsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kallon masu wucewa kamar kowa ya zo neman alfarma a wurinsa. Iyayensa daga Barno suka zo, shi kuwa a nan aka haife shi. Da kwano ya fara awo a gefen wani dattijo, daga baya ya koma sayen buhu biyu uku daga manoman ƙauyen Mamudo, har Allah ya buɗa masa ya yi sito nasa. Wannan tarihin ba ya son a tuna masa. A bakinsa, tun yana goye ya iya ciniki.

Gaskiya kuma ya iya, wannan ba a hana shi. Idan mai saye ya taya, Alhaji ba ya amsawa nan take. Sai ya ja carbi, ya kalli sama, ya ce albarka cikin muryar wanda aka yi wa rasuwa. Ragin farko yakan yi shi da ɗan kauri don mai saye ya ji daɗi ya zauna. Na biyu rabin na farko ne. Na uku ɗan ƙanƙani, yana yi yana dafe ƙirji. Mai saye kan ga ragin yana tsukewa, sai ya ɗauka an zo bango, ya miƙa wuya. Yara masu koyon kasuwa sukan tsaya su kalla, shi kuma ba abin da yake so a duniya kamar a kalle shi.

Yana da wani karatu da yake yi wa maƙwabtan rumfa idan kasuwa ta yi sanyi. Wai baƙo tsuntsu ne, sai an watsa masa tsaba, amma tsohon abokin ciniki ya riga ya shiga keji, ba a ɓata masa hatsi. Yakan faɗa yana dariya, su kuma su kalli juna, don sun san da wa yake.

Da Hajiya Hansatu yake, wata dattijuwa daga unguwar Dogo Nini. Tun yana mai kwano take sayen wake a hannunsa. Ita ce ke ɗauko buhuna ta auna wa matan unguwarsu masu ƙosai da alala, daga baya masu dafa abinci a tasha ma suka koma saye a gidanta. Duk ranar kasuwa sai ta ɗauki buhu goma ko fiye, rani da damina, kuɗi hannu. Masu tirela sukan zo sau ɗaya su ɓace, wani lokaci wata uku ba a gan su ba, amma cinikin Hajiya shi ke riƙe da gidan Alhaji, shi ke biyan hayar sito da kuɗin makarantar yara. Ya san haka sarai. Saninsa ne ma ya sa ya raina ta, don a ganinsa wadda ta daɗe haka ba ta da wurin zuwa.

Cinikinsu kuwa kowa ya haddace shi. Za ta zo su gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta sa a soki buhu ta murza waken a tafin hannu ta ce duk ƙwari ne, ko da babu ko ɗaya. Ta taya, ya ce albarka. Ya rage, ta ƙara. Idan suka cije, sai ta gyara mayafi ta ce bari ta duba gaba, ta kama hanya a hankali har wajen mai shayi da ke bakin layi. Nan Alhaji zai ɗaga murya ya ce Hajiya dawo mana, ai ba a yi haka ba, ya sauke mata ɗan wani abu, a ɗora wa keke kaya. Duk lokacin da take wannan tafiya ba mai rumfar da ke kiranta, don ba a shiga cinikin da bai mutu ba. Abu ɗaya ne ta riƙe game da shi: ba ya yawan rantse mata, idan kuwa ya rantse, ba ta ƙara cewa uffan.

A ƙarshen wata damina Alhaji ya wayi gari da sito cike da tsohon wake. Ya saye shi da araha tun kaka, ya ɓoye yana jiran tsada, tsadar ta zo ya ce bari ta ƙara, har ta fara juyawa. Sabon wake ya kusa shigowa daga ƙauyuka, kuma duk wanda ke kasuwar ya san da ya shigo, tsoho zai faɗi warwas. Hankalinsa a tashe yake, amma fuskar nan ko gezau.

Wata ranar kasuwa Hajiya ta zo da niyyar buhu ashirin, saboda ana shirin bukukuwa a unguwarsu. Ya sa mata dubu tamanin da biyar. Ta taya saba'in, ya ce albarka. Ya sauko tamanin da biyu, ta hau saba'in da biyar, ya sauko tamanin da ɗaya, daga nan ya tsaya a tamanin ya dafe ƙirji. Ta ce masa ta ji ana cewa sabo na hanya, ya kamata ya duba mata. A nan ne ya yi abin da bai kamata ba.

"Hajiya, wallahi tallahi tamanin na saye shi. Uwar kuɗina kawai nake nema, don ke ce."

Ta gyara mayafi ta kama hanyar mai shayi kamar kullum, shi kuma ya buɗe baki zai kira ta da ragin ɗari biyar da ya tanada. Sai ga wani dillali ya iso da wani matashi mai suna Yunus, wanda ke loda tirela zuwa kudu, yana neman buhu ɗari. Alhaji ya rufe bakinsa. A ransa ya ce tsohuwa ta ɗan sha rana, ba inda za ta, ya sa aka kawo wa baƙo kujera da ruwan sanyi.

Yunus ba ya dogon zance. Ya duba waken, ya taya saba'in, ya ce motarsa ba ta kwana. Alhaji ya fara wasansa na kallon sama, yaron ya miƙe ya ce akwai wani sito a gaba. Bai yi taku uku ba Alhaji ya riƙo hannun rigarsa. Mutumin da ke koya wa yara yadda ake tsuke ragi, sai ga shi ya zubo daga tamanin zuwa saba'in da biyar a numfashi ɗaya, da yaron ya sake juyawa ya ce saba'in da biyu. Tsoron sabon wake ya cinye duk gwanintar.

"Na sallama. Kawo saba'in da biyu, Allah ya sa albarka."

Da ya ɗago kai sai ya ga Hajiya Hansatu tsaye a gefen buhunan. Ashe ta kai wajen mai shayi ta jira, ba a kira ta ba. Ta yi tunani ta ce tunda bawan Allah ya rantse, kuma har ya kasa kiranta, lalle ba shi da abin ragewa, bai kyautu ta sa shi asara ba. Karo na farko a duk zamansu ta juyo da ƙafarta ba tare da an kira ta ba, ta zo ta biya tamanin. Tana nan tsaye ta ji komai.

Alhaji ya ji kunya, amma kunyarsa ba ta wuce ta ɗan kasuwa da aka ga cikin aljihunsa ba. Nan da nan ya hau bayani: ai mai ɗari ba ɗaya yake da mai ashirin ba, ai sari ne, ai ko'ina haka ake yi. Wannan gaskiya ne, ita ma ta sani, da abin ya tsaya nan ba za ta ce komai ba. Ta tambaye shi a hankali, in tamanin ya saya, yaya aka yi ya sayar saba'in da biyu yana murmushi. Ya ce asara ya ɗauka. Dillalin ma sai da ya kau da kai.

Ba ta yi faɗa ba. Ta yi masa sai an jima, ta juya. Wannan karon da sauri take tafiya. Alhaji ya bar baƙonsa a kujera ya bi ta, tumbi na rawa, takalmi ɗaya na fita, duk layin na kallo. Ya ce ta kawo saba'in da biyar. Ba ta waiwaya ba. Ya ce saba'in da biyu, daidai da na mai tirela. Ya ce saba'in, kuma kuɗin dako da na keke a kansa. Shi a tunaninsa har yanzu ciniki ake yi, tafiyar nan irin ta kullum ce, sai dai ta ɗan yi tsawo, kuma akwai farashin da zai tsayar da ita. Bai gane cewa duk ragin da ya ƙara, ƙara nuna mata yake yi yawan abin da ya yi niyyar ci a kanta da sunan Allah ba.

A bakin titi ta tsaya tana jiran keke, ya iso yana haki ya ce sittin da takwas, wallahi wannan ne na ƙarshe.

Sai a lokacin ta dube shi.

"Alhaji, na ƙarshen nan nawa ne? Ɗazu ma ka rantse. Shekara da shekaru in ka ce wallahi nakan je in gaya wa matan nan haka kasuwa take, su biya ba musu, saboda na yarda da kai. Yau me zan ce musu?"

Keke ya tsaya, ta shiga.

Ya koma rumfa yana gaya wa maƙwabta cewa fushin tsofaffi ne, mako mai zuwa za su gan ta. Mako ya zo, suka gan ta kuwa. Ta biyo layin, ta tsaya a gabansa ta gaishe shi da mutunci, ta tambayi iyali. Ya miƙe da rawar jiki yana cewa a soko wa Hajiya sabon wake ta gani. Ta ce a'a, gaisuwa ce kawai. Ta wuce rumfa ta uku, wajen wani mai sito da bai kai shi jari ba, ta zauna. Daga inda yake yana jin muryarta tana cewa waken duk ƙwari ne, yana jin mai rumfar yana cewa albarka.

Har yau Alhaji Kashim yana nan a bakin sitonsa, kuma har yau yana ba da labarin. A yadda yake faɗa, mata ba su san kasuwa ba: ya yi wa tsohuwa ragin da bai taɓa yi wa kowa ba, ta ƙi.