Hutun da Aka Ɗora wa Inna Ramatu

Shekara talatin Ramatu tana tallar nono daga rugarsu zuwa kasuwar Dakoro, da ƙafa. Bayan an samu mulkin kai, cinikin shanu ya karɓi ɗanta Jafaru. Ya maido ta gari, ya shimfiɗa mata kilishi, ya rantse ta gama wahala. Fura sai an kwarara man shanu, nama sai mai kitse, da safe kunun kanwa. Taba da kanwa kuwa ba ta yankewa a bakinta.

Shekara huɗu tana zaune, har tsallaka tsakar gida ya fara sa ta haki, ƙirji na ɗaurewa. Malamin likita, Samba, ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya sake aunawa. Ya tambaya ko al'ada ta ɗauke.

"Tun yaushe. Mi ya kai ka nan, kai ɗa?"

Samba ya ce daga lokacin nan kariyar da jikin mace ke da ita take raguwa. Kitsen da ake kira kolesterol yakan taru a hanyoyin jini su tsuke, gishiri da kanwa su hau da jini, zuciya ta yi ta fama. Ba shi da abin auna kitsen a Dakoro, amma jininta ya hau ƙwarai. Ya ba ta ƙwayoyi, ta sha kullum ko tana jin garau. Ya ce ta bar taba, ta rage gishiri da man shanu, ta koma wa wake da zogale, ta riƙa tafiya a hankali, in ƙirji ya ɗaure ta tsaya.

Jafaru ya fusata. "Inna, so kike dillalai su ce uwata na cin garau-garau a gidana? Tana yawo a rana kamar marar kowa?"

"To su ce. In na faɗi, su za su juya ni bisa tabarma?"

"Hutu na ba ki."

"Turke ka kafa mini. Ni ma na san kiwon ragon layya, Jafaru."

Ya hana a canza tukunya. Kwana biyu ta mayar da akushi a rufe. A na uku ta kwaso duwatsu uku, ta kafa murhunta a tsakar gidansa, inda kowane baƙo zai gani. Tana fifita wuta tana huci. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne har yanzu tana marmarin man.

Wata biyu ba su gaisa ba. Kowane hantsi sai ta bi ta gaban rumfarsa ta kasuwa da sanda, shi kuma ya kau da kai. Da Samba ya sake awo, jinin ya ɗan sauka. Ta sa ya rubuta a takarda, ta kai har cikin kara, kasuwar shanu, ta ajiye wa Jafaru a gwiwa a gaban dillalai, ta wuce gida ta ɗora wake.