Tambayar Layi Biyu da Ta Sa Aka Kore Ni Kwana Uku

Ina ɗan shekara goma sha shida aka kore ni daga makaranta na kwana uku, saboda wata 'yar takarda da ba ta wuce layi biyu ba. A lokacin Faransawa ne ke riƙe da ƙasar, sunanta ma Ubangi-Shari. Gidanmu yana birnin Bangi, a unguwar Kilomita Biyar, bayan kasuwa ta wajen Kokoro, kuma kullum a ƙafa nake shiga gari zuwa kwaleji. A ajinmu ni kaɗai ne ɗan Hausawa. A gida Hausa muke yi, a hanya Sango, da na tsallaka ƙofar makaranta kuma sai Faransanci.

Mahaifina bafatake ne. Kanwa da gishiri yake saukowa da su daga arewa, goro kuma ta hanyar Kamaru. Bai san harafin boko ko ɗaya ba, amma shi ya dage a sa ni, ya ce ya gaji da dangwala yatsa a takardun da bai san abin da ke cikinsu ba.

A shekarar aka kawo mana sabon malamin Faransanci, wani Bature dogo mai jan wuya. Mushe muke ce masa, wato “Malam” da Faransanci, kamar kowane malami. Wata Litinin ya rubuta mana batun insha'i a allo: “Wasu na cewa ɗan kasuwa ba ya samar da komai, gumin manomi yake ci. Ku tattauna.” Da ya gama rubutawa ya waiwayo ya dube ni, yara suka yi dariya.

Na zauna na cika shafi huɗu. Na kwatanta kasuwarmu tun daga rumfunan yadi har wajen matan da ke sayar da garin rogo. Na ce wasu na yabon 'yan kasuwa, wasu na zaginsu, kowa da dalilinsa. Na yi ta kewaye-kewaye don kada in taka Mushe, domin na ga alamar shi ma ra'ayinsa ke nan, kuma a gidanmu yaro ba ya musu da malami. Nahawuna kuwa na tsefe shi tsaf.

Da aka dawo da takardun, shida na samu cikin ashirin. Babu gyara ko ɗaya a jikin rubutun. A gefen sakin layi na farko kawai ya ja jan biro ya rubuta kalma guda da alamar tambaya: “Thèse ?”

Ban san ta ba. Na duba ƙamus ɗin aji, ya ce wani babban rubutu ne da ake karewa a jami'a don zama dakta. Na ce to ni da ko kwaleji ban gama ba? Na tambayi abokin zamana, wani ɗan unguwar Miskine, ya buɗe tasa takardar ya nuna mini, shi ma kalmar ce aka rubuta masa. Da muka bincika, fiye da rabin ajin haka ne. Malaminmu na bara zazzaɓi ya kwantar da shi aka mayar da shi ƙasarsu tun tsakiyar shekara, babu wanda ya taɓa koya mana wannan abu.

Mushe ba ya son a ɗaga hannu in yana magana. Don haka na yagi gefen littafina na rubuta da Faransanci mafi ladabi da na iya: “Mushe, don Allah mene ne ma'anar thèse a wajen gyaran insha'i? Ina so in sani don in gyara.” Na sa hannu, na ajiye a kan teburinsa kafin ya shigo.

Ya shigo, ya ɗauka, ya karanta wa aji da ƙarfi yana kwaikwayon yadda nake furta kalmomi. Sannan ya ce, “Wanda ya kai wannan aji bai san wannan ba, ya koma ya sayar da goro.” Ya dunƙule takardar ya jefa a kwandon shara. Aka yi dariya, har da waɗanda ke da jar kalmar a tasu takardar.

Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi, amma kafin a tashi ta koma fushi. Mutum ya rage mini maki a kan abu, na tambaye shi abin, ya ƙi faɗa. Mako na gaba da aka karɓi sabon insha'i, na sake rubuta tambayar kalma da kalma, na maƙala ta da allura a goshin takardata. Ya dawo mini da ita babu amsa, ya rage maki biyu, wai rashin kunya. Mako na uku na sake maƙalawa. Wannan karon bai ko buɗe takardar ba. Ya kama hannun rigata ya kai ni ofishin darakta, aka ce in tafi gida kwana uku, kada in dawo sai da ubana.

Na sami Baba a rumfa yana yayyafa wa goro ruwa. Na durƙusa na faɗa masa. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

“Zagin malaminka ka yi?”

“A'a, Baba. Tambaya na yi.”

“Karanto mini ita. Da Hausa. Kada ka ƙara, kada ka rage.”

Na fassara masa. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya rufe goron da ganye, sannan ya ce, “Shi ke nan abin da ke ciki?” Na ce shi ke nan. Ya ce, “To, jibi ka tashe ni da wuri.”

Ranar ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka taka har makaranta. Darakta wani tsoho ne mai sanƙo, ya ba Baba kujera, Mushe yana tsaye jikin taga. Mai yi musu tafinta bai zo ba, don haka ni mai laifin aka sa in fassara.

Darakta ya yi bayani mai tsawo a kan biyayya. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mini, “Tambaye shi, an ba ka amsar?”

Na tambaya. Darakta ya dubi Mushe. Mushe ya ce ba aikinsa ba ne ya koyar da darasin bara.

Baba ya ce, “Gaya masa, ni in ɗan dako ya ɗaure mini kaya ba daidai ba, nakan nuna masa inda kullin ya kwance, sannan in yi masa faɗa. Yaron nan na kawo shi ne don bai sani ba. Da ya sani, da yana rumfa tare da ni.”

Na fara sassauta maganar da Faransanci. Baba bai ji yaren ba, amma ya ji muryata ta yi laushi. Ya buga sandarsa a ƙasa. “Yadda na faɗa za ka faɗa!” Na faɗa yadda ya faɗa.

Darakta ya ce zan iya komawa aji in na ba Mushe haƙuri. Na ce zan ba shi haƙuri a kan allurar da na huda takarda da ita, amma ba zan ba da haƙuri a kan tambayar ba, domin har yanzu ina son amsarta, kuma ba ni kaɗai ba, mun fi goma sha biyar. Darakta ya ce in fita in jira a baranda da mahaifina. Mun daɗe muna jin muryoyinsu ta bayan ƙofa, daga ƙarshe aka ce in dawo aji gobe.

Washegari Mushe ya shigo aji bai dubi kowa ba, ya ɗauki alli. In faɗi gaskiya, mutumin ya iya koyarwa in ya ga dama. Ya ce thèse ita ce matsayar mai rubutu: jimla guda da ke faɗin abin da ka yarda da shi game da batun, wadda sauran rubutun duka zai tsaya ya kare. Ya ce ba batun ba ce, don batun shi ya ba mu. Ba sanarwar abin da za ka yi ba ce, irin “zan yi magana a kan kasuwa”. Ba kuma abin da kowa ya sani ba ne, irin “a kasuwa ana saye da sayarwa”, domin babu mai musun wannan. Dole ta zama maganar da mai hankali zai iya cewa bai yarda ba. Ya ce shi in ya ɗauki takarda, ita yake fara nema a gabatarwa, sannan ya auna kowane sakin layi da ita: wannan ya ƙarfafa ta ko kuwa yawo ya tafi? Sai ka kawo hujjar masu ja da kai da gaskiya, ka amsa ta, ka rufe. In babu matsaya, babu abin da zai auna da shi, ko da nahawunka ya fi na kowa.

Ina zaune na gane abin da ya faru da shafi huɗuna. Ashe abin da na yi ta ɓoyewa don ladabi, shi ne ake nema.

Na ɗaga hannu na ce ko zan iya sake rubuta na ɗan kasuwa. Ya ce makin ya riga ya shiga rajista, ba zai canza ba. Na ce na ji, zan rubuta duk da haka.

A ƙarshen gabatarwata na sa wannan jimla: “Ɗan kasuwa yana samar da abu kamar yadda manomi ke samarwa, domin kanwar da ke kwance a bakin tafkin Chadi ba ta da amfani ga matar da ke girki a Bangi sai wani ya ɗauko ta ya kawo.” Na bi ta da kwanakin da kaya ke yi a hanya, da gadojin da damina ke cinyewa, da goron da ke ruɓewa in mota ta kafe. Na kawo hujjar ɗaya ɓangaren ban rage ta ba, har da masu ɓoye gishiri sai ya yi wuya, don na san su, wasu ma maƙwabtanmu ne. Na ce wannan laifin mutum ne, ba na sana'ar ba.

Kwana biyar takardar ta yi a wurinsa. Ya miƙo mini ita a bakin ƙofa ana fita. Ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, a gefe ya rubuta: “Ban yarda ba. Amma wannan matsaya ce.” Sakin layi na uku kuma ya soke shi gaba ɗaya, wai ya bar hanya. Na karanta na ga da gaskiyarsa, labarin kakana ne na cusa don kawai ina son sa.

Korar kwana ukun ta zauna a takardar shaidata, ba a goge ba. Mushe bai taɓa sakar mini fuska ba har ƙarshen shekara, ni ma ban nema ba. A insha'i na gaba ya ba ni goma sha ɗaya, ni kuma a ganina na fi haka. Na jira aka tashi, na bi shi har wajen kekensa da takardar a hannu, na ce ya nuna mini inda sauran makin suka tafi. Ya dube ni ya yi tsaki, sannan ya jingine keken ya karɓi takardar.